Kwangila mai tsada ko mai araha: wacce ta fi sauƙin fita?

A ce ka buɗe jadawalin kwangilolin zaɓi na wani kamfanin Amurka, wato kwangilolin da ke ba ka haƙƙin saye ko sayar da hannun jarinsa a kan ƙayyadadden farashi zuwa wata rana, ga kwangiloli biyu na haƙƙin saye masu ƙarewa rana ɗaya. Ƙayyadadden farashin ta farko yana kusa da farashin hannun jarin a kasuwa: Bid, wato tayin mai saye, 2.00, Ask, wato farashin mai sayarwa, 2.05, Volume 3,000, Open Interest 12,000. Na ta biyu yana can nesa: Bid 0.40, Ask 0.60, Volume 8, Open Interest 5,000.

Ido ya fi zuwa kan ta biyu saboda araha. Amma Bid da Ask na hannun jari ɗaya ne, kuma kowace kwangila hannun jari 100 ce. Idan ka sayi ta farko a dala 205 ka sayar nan take, dala 5 ka rasa. Ta biyu kuwa ka saya a 60, mai saye ya taya 40, wato kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka ya tafi alhali kasuwa ba ta motsa ba.

To, 5,000 ɗin nan fa? Nan ake ruɗuwa. Open Interest adadin kwangilolin da ba a rufe ba ne, kuma sau ɗaya a rana ake sabunta shi. Mai yiwuwa wani babban ɗan kasuwa ne ya buɗe su makonni da suka wuce ya zauna a kai. Volume ne ke nuna cinikin yau, kuma 8 na nufin layin ba kowa.

Ni ta farko zan ɗauka. Wanda ya nace sai ta biyu, ya sa Limit Order, wato umarnin saye mai iyakar farashi, wajen 0.50, ya jira mai sallamawa.