Da filashi ɗaya na kwashe aikin Yaya daga laftof ɗin da ta ƙi tashi

Yayana mai ɗaukar hoton biki ne a unguwar Nima da ke Accra. Ranar wata Laraba ya sallamo gidana da laftof a hammata, ko gaisawar kirki ba mu yi ba. Batirinta ya daɗe da mutuwa, sai da caja take aiki, aka ɗauke wuta tana tsakiyar sabunta Windows. Tun daga nan in an kunna sai shuɗin allo, ta mutu, ta sake kunna kanta. Ga hotunan bukukuwa biyu a ciki da bai kai wa masu su ba.

Ya ce gobe zai kai ta wajen masu gyara a Circle a sake zuba mata Windows. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri tukuna, in aka goge diskin hotunan ma sun tafi. Bari mu fara kwashe kaya."

Ubuntu 24.04 na yi amfani da shi, wato wani tsari da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Fayil ɗinsa ya kusa gigabait 6, don haka sai filashi mai gigabait 8 ko fiye, kuma ya ci mini data ba kaɗan ba. A wata kwamfutar na ɗora shi kan filashin da manhajar Rufus, wadda ke share duk abin da ke kai kafin ta fara, a kula. Na soka filashin a laftof ɗin Yaya, na kunna, na yi ta danna F12 har jerin zaɓi ya fito. Wasu injinan F9 ne ko Esc. Da Ubuntu ya buɗe na zaɓi Try Ubuntu, ban taɓa Install ba. Hikimar ke nan: daga filashin yake gudana, bai buƙatar Windows ɗin da ya lalace.

A nan ne na ɗan yi gumi. Na buɗe Files, ga diskin ina gani, na danna, sai ya turo mini "Error mounting". Yaya ya dafe kai yana salati. Amma diskin lafiyarsa lau. Windows ne bai rufe shi yadda ya kamata ba lokacin da wuta ta tafi, shi kuwa Ubuntu ba ya son yin rubutu a kan ɓangaren NTFS, wato tsarin diskin Windows, da aka bari a haka, kada ya ƙara ɓata shi. To mu ina ruwanmu da rubutu? Karantawa kawai muka zo yi. Na buɗe Terminal, inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, na rubuta:

```
lsblk -f
sudo mount -o ro /dev/sda3 /mnt
```

Layin farko yana jero ɓangarorin diskin. Namu `sda3` ne, naka zai iya zama wani suna daban kamar `nvme0n1p3`, kada ka kwafi nawa ido rufe. Wannan `ro` ɗin shi ke cewa a karanta kawai. Nan take ya buɗe. A Files na danna Ctrl+L na rubuta `/mnt`, na shiga Users, sai ga sunan Yaya, ga Pictures da Desktop cike maƙil.

Kuskure na biyu nawa ne. Na kawo wani tsohon filashi mai gigabait 32 don zuba kayan. Hotuna suka wuce sumul, amma bidiyon walima mai gigabait 7 ya tsaya a hanya da "File too large", alhali akwai sauran wuri. Filashin FAT32 ne, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya haura gigabait 4. Sai da muka aro diskin waje mai NTFS wajen maƙwabci, wanda ya biyo mu har ɗaki don ya ga abin da za a yi da kayansa. Kafin isha'i mun gama, kuma ban bar Yaya ya tashi ba sai da muka buɗe hotuna da bidiyon a tawa kwamfutar muka ga suna aiki.

A ganina wannan hanya ta fi kwance inji a ciro diski, musamman ga wanda bai saba riƙe sukundireba ba. Sai dai tana da iyaka. Da `lsblk -f` ya nuna BitLocker a maimakon ntfs, wato Windows ya kulle diskin ke nan, ba abin da za mu gani sai da makullinsa mai lambobi 48. In kuma diskin yana ƙas-ƙas, ko kwafi yana tsayawa da "Input/output error", diskin ne da kansa ke mutuwa, yawan gwadawa ƙarasa shi yake yi. A nan a fara da abin da ya fi muhimmanci, ko a kashe a nemi gwani.

Washegari Yaya ya kai ta aka sake zuba Windows. Filashin Ubuntu kuwa ya ce ya zama nasa, har yau yana cikin jakar kyamararsa.