Wasiƙa zuwa ga iyayen ɗalibai kan finafinan makon majigi

Assalamu alaikum, iyayenmu maza da mata. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyali, ina rubuto muku ne a madadin malaman da aka ɗora wa shirya makon majigi na kolejinmu a nan Tawa, wanda zai gudana kafin hutun Disamba. Da dama daga cikinku sun tambayi mai girma darakta abin da za a haska wa yara. Ga abin da muka zaɓa, da wanda muka ajiye, da dalilin kowane.

Lokaci ne ya fara yanke mana hukunci. A watan Disamba rana tana faɗuwa a Tawa jim kaɗan bayan ƙarfe shida, kuma ba mu so yarinya ko ɗaya ta kama hanyar gida bayan magariba. Idan aka yi la'asar aka zauna da ƙarfe huɗu da rabi, aka tashi da ƙarfe shida, minti 90 ke hannunmu. A ciki za a cire minti 10 na gabatarwa da aƙalla minti 20 na tattaunawa, don fim ɗin da aka kalla aka watse ba a ce komai a kansa ba bai zama darasi ba. Saura awa ɗaya ke nan. Wannan lissafi shi ya fitar da yawancin finafinan Hausa na Kano, waɗanda yara suka fi roƙo: suna zuwa kashi-kashi, da waƙoƙi masu tsawo, ga shi kuma ana ganinsu kullum a waya da talabijin.

Abu na biyu shi ne harshe, kuma nan ne makon majigi ya fi lalacewa. Fim ɗin da ake magana da Zabarmanci ko Fulatanci yana zuwa da fassarar Faransanci a rubuce a ƙasan allo. Layi biyu ne, ba su cika wuce daƙiƙa shida ba kafin su ɓace. Ɗan ajin ƙarshe zai iya bin su. Ɗan ajin farko da ya fito daga firamare watanni uku da suka wuce yana tsakiyar layin farko rubutun zai gushe. Alamar a bayyane take: bayan kamar minti goma sai surutu ya taso daga baya, ana tambayar na kusa "me ya ce?", daga nan sai fita shan ruwa. Ba rashin tarbiyya ba ne, labarin ne ya tsere musu. Shi ya sa muka raba ɗalibai gida biyu: ƙanana, wato aji na ɗaya da na biyu, za su ga finafinan da hoto ke ɗauke da labarinsu, manya, aji na uku da na huɗu, su ne za su ga masu fassara a rubuce.

Ranar Litinin ta ƙanana ce, kuma ta marigayi mai shirya finafinai Mustafa Alasan ce, wanda ya zauna shekaru masu yawa a garin nan yana aikinsa kafin rasuwarsa a 2015. Za mu fara da Bon voyage Sim na 1966, zane mai motsi na kusan minti biyar, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyara wata ƙasa aka tarbe shi da fareti da shagali. Sai Kokoa, inda ƴan tsana masu siffar dabbobi ke kokowar gargajiya a fili. Yaron Adar ba ya bukatar a fassara masa kokowa. Sai Samba le grand na 1977, shi ma da ƴan tsana, kan jarumin da gimbiya ke ta gindaya wa sharuɗɗa. Ukun gaba ɗaya ba su kai minti 40 ba, don haka za a sake haska na farko, a tsayar da shi hoto bayan hoto, yara su ga yadda zanen da ba ya motsi yake zama tafiya. Mun auna waɗannan da Kirikou et la sorcière na 1998, wanda Faransancinsa mai sauƙi ne kuma yara na sonsa. Mun ajiye shi saboda an zana jaririn tsirara, matan ƙauyen kuma ƙirji a buɗe, kuma mun san gidaje da yawa ba za su yarda a nuna wannan a ajin da ya haɗa maza da mata ba.

Talata ma fim ɗin Mustafa Alasan ne, Le Retour d'un aventurier na 1966, minti talatin da ƴan kai, ga dukkan ajujuwa a zama biyu. Saurayi ya dawo daga ƙasar waje da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da bindigogi, suka canza sunaye, suka hau dawaki suka addabi garinsu har abin ya kai su ga kashe juna. Ku sani akwai harbi, da faɗa a mashaya, da raina manya. Mun bar shi duk da haka, domin fim ɗin ya nuna inda kwaikwayon ya kai su, kuma tambayar da za mu yi wa yara ita ce mene ne akwatin kaboyin zamaninsu.

Laraba ta manya ce, kuma a nan muka fi daɗewa muna muhawara tsakanin finafinai biyu na marigayi Umaru Ganda. Le Wazzou polygame shi ne ya fi suna, don shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1972. Sai dai labarinsa na wani Alhaji ne da ya ƙara aure da yarinyar da aka riga aka yi wa wani alkawarinta, kishi ya shiga, aka ƙare da rasa rai. Ɗalibanmu da yawa daga gidan mace fiye da ɗaya suka fito, kuma ba mu so a tashi daga majigi wani ya nuna wa ɗan'uwansa yatsa a kan uwarsa. Muka ɗauki Cabascabo, baƙi da fari, kusan minti 45, wanda aka nuna a bikin finafinai na Cannes da ke Faransa a 1969. Tsohon soja ne ya dawo daga yaƙin Indocin da kuɗin sallama, abokai da mata suka kewaye shi, kuɗin ya ƙare, kowa ya watse, ya nemi aikin leburanci, daga ƙarshe ya nufi karkara. Ganda da kansa ya yi wannan yaƙin, shi ne kuma ya fito a matsayin sojan. Akwai shan giya da zaman bariki a ciki, ba tare da tsiraici ba. A yankin da kusan kowane gida ke da wanda ya tafi bida Abijan ko Libiya, yara sun san mai dawowa da kuɗi da yadda ake rufe shi, za su sami abin faɗa. Da Zabarmanci ake magana, don haka fassarar rubutu ce za ta yi aiki.

Alhamis mun so fim na gaskiya, ba wasan kwaikwayo ba, kuma biyu ne a gabanmu, duka na 2021. Zinder na Aisha Maki da Hausa ake magana a cikinsa, wanda hakan babbar riba ce, aiki ne kuma mai ƙarfi. Amma yana bin samarin unguwar Kara-Kara ta Damagaram ne, kuma a cikinsa akwai bayanin sara da suka da cin zarafin mata daga bakin waɗanda abin ya shafa. Na iyaye ne da ɗaliban lise, ba na ɗan shekara goma sha uku ba. Marcher sur l'eau na Aisa Maiga an ɗauke shi a ƙauyen Tatis cikin Azawak. Yana bin Hulai, yarinya ƴar shekara 14, wadda iyayenta ke tafiya neman abin masarufi su bar mata ƙannenta, tana doguwar tafiya ɗebo ruwa, karatunta na tangarɗa, alhali ruwa na kwance can ƙarƙashin ƙasarsu sai an yi haƙa mai zurfi. Babu abin da za a rufe wa yaro ido a cikinsa. Matsalarsa tsawo ce, kusan awa ɗaya da rabi, don haka ranar za a zauna da ƙarfe huɗu da kwata, tattaunawa kuma sai washegari a darasin labarin ƙasa. Manya ne za su gani. Ƙanana za su ga rabin awar farko kawai, malami na fassara musu da Hausa.

Sarraounia na Med Hondo, 1986, ƴan ajin ƙarshe kaɗai ne za su gani. An ciro shi daga littafin Abdullahi Mamani, kan Sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta ƙone Birnin Ƙonni a wannan shekarar. Awa biyu ne, za mu raba shi Juma'a da yamma da Asabar da safe. An ɗauke shi a Burkina Faso, kada ku yi tsammanin jin Hausar Arewa a bakin Sarauniya. Yana nuna ƙone garuruwa da kisa, da kuma tsafin Azna. Za mu bayyana wa ɗalibai tun farko cewa an gina shi ne a kan ƙagaggen labari mai tushe a tarihi, su kwatanta shi da abin da suka karanta a aji.

Game da wurin kallo, mun bar tsakar makaranta don hasken rana na wanke hoto. Aji za a rufe wa tagogi. Farin ƙyallen faɗinsa mita biyu ne, tsayin hoton ya ɗan wuce mita ɗaya, kuma ƙa'ida ita ce kada layin ƙarshe ya wuce ninki shida na wannan tsayi, wato kusan mita shida da rabi. Bayan nan fassarar ba ta karantuwa. Saboda haka ɗalibai sittin ne iyaka a zama ɗaya. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iskar majigi, ya yi zafi ya kashe kansa a tsakiyar fim, don haka kullum za a kakkaɓe ta, a bar fankarsa ta gama juyi kafin a zare waya. An tanadi ƙaramin inji idan wuta ta ɗauke. Ba za mu yi amfani da kwafin da ake turawa a waya ba: an matse shi har rubutun ya zama dishi-dishi in an faɗaɗa, kuma babu izinin masu shi. Muna neman kwafi mai kyau da izini daga masu haƙƙin kowane fim, wanda bai iso ba kuwa, za a maye gurbinsa da ɗaya daga cikin sauran da ke sama, ba da sabon da ba ku sani ba.

Ba a biyan ko dala. Ranar Asabar da ke gaban makon, da ƙarfe goma na safe, za mu haska wa iyaye wuraren da na ambata a Le Retour d'un aventurier da Cabascabo da Sarraounia, ku gani da idonku. Wanda bai amince ɗansa ya ga wani fim ba, ya rubuta sunan fim ɗin a takardar da ke haɗe ya sa hannu, ko ya faɗa wa malamin aji da baki. Yaron zai zauna a ɗakin karatu da malami a wannan lokacin, kuma ba za a rage masa maki ba.

Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka. Wassalam.

Malamin Faransanci, a madadin kwamitin shirya mako