Murya na fita, hoto babu: sauya mazubi ko sake matse bidiyon?

Ana yawan tambayata wanne za a bi cikin biyun idan an juya bidiyo zuwa MP4, murya ta fito amma allo baƙi ƙirin.

MP4 da MKV mazubi ne kawai. Kodek shi ne yadda aka matse abin da ke ciki, kuma na hoto daban, na sauti daban. Tsohuwar talabijin takan karanta sautin AAC, ta kasa buɗe hoton H.265. Duba fayil ɗin da `ffprobe`, manhajar duba kodek da ke zuwa tare da `ffmpeg`, manhajar juya bidiyo. In ka ga `hevc`, wato H.265, ga tushen matsalar nan.

Sauya mazubi da `-c copy` a `ffmpeg`, wato kwafe hoto da sauti yadda suke, nan take yake gamawa, ingancin hoto ba ya raguwa ko kaɗan. Sai dai H.265 ɗin yana nan daram a sabon mazubin.

Sake matsewa zuwa H.264, kodek ɗin da tsofaffin na'urori suka fi karantawa, yana cin lokaci, yana ɗan rage inganci, sau da yawa fayil ya ƙara nauyi:

```
ffmpeg -i a.mkv -c:v libx264 -pix_fmt yuv420p -c:a copy b.mp4
```

Kada ka tsallake `yuv420p`, wanda ke mayar da launin hoton zuwa bit 8, domin H.264 mai bit 10 ma yana gagarar na'urori da dama.

Wanda hotonsa H.264 ne na yau da kullum, mazubin kawai na'urarsa ta ƙi, ya sauya mazubi. Mai `hevc` da tsohuwar na'ura kuwa, sake matsewa ce ta dace da shi.