Hedifon mai sauti ta ƙashi: wanne zai jure zufar Jidda?

Duk wanda zai sayi hedifon ɗin nan da ba a cusa shi cikin kunne, ya fara duban wurin da ake masa caji kafin ya tambayi daɗin sauti. A gari mai zafi da laima kamar Jidda, ta nan yake iya fara mutuwa.

Yadda yake aiki shi ne, ƙananan kawuna biyu suna zama a kan ƙashin kunci, daidai gaban kunne, suna girgiza. Girgizar tana bi ta ƙashi ta isa can cikin kunne. Saboda haka sai ya manne da fata sosai. In gefen hijabi ko hirami, ko ƙafar tabarau, ta shiga tsakani, sauti zai yi rauni, mutum ya ɗauka kayan ne ba su da kyau. A shago ka sa shi, ka danna kawunan biyu da yatsa. Idan sautin ya ƙaru sosai, girman bai dace da kanka ba. Kamfanin Shokz yana yin OpenRun da girma biyu, na kowa da kuma Mini mai gajeren baya, kuma mai ƙaramin kai ya fi dacewa da na biyun. Ka jingina da kujera ma ka gani, domin bayansa yana taɓa matashin kujerar mota ya ture kawunan gaba.

Wuraren caji galibi iri biyu ne a kasuwa. Na farko mai maganaɗisu, irin na OpenRun Pro da OpenRun na asali: 'yan ƙarafa biyu ne a fili, waya ta manne musu. Ba rami, don haka ruwa ba ya samun hanyar shiga, goge su ma ba wuya. Amma a fili suke shan zufa, kuma in wayar ta ɓace sai ka nemo irinta. Na biyu shi ne USB-C, kamar OpenMove da OpenRun Pro 2. Wayar cajin wayarka ta isa in USB-C ce, sai dai rami ne da ake rufewa da marfin roba. Marfin ya saki, zufa da ƙura su taru a ciki inda ba ka gani.

Lambar IP da ke jikin kwali tana ruɗin mutane. IP55 na nufin yana jure yayyafi da feshin ruwa, IP67 kuwa yana jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. To amma da ruwan daɗi ake gwajin, ita kuwa zufa gishiri gare ta.

A ce direban kai saƙo ne, ya wuni da hedifon mai maganaɗisu, ya dawo gida ya jona shi da danshinsa. Wuta mai ƙarfin bolt 5 ta ratsa ruwan gishirin da ke tsakanin ƙarafan biyu, sai ta riƙa cinye siririn ruwan zinaren da aka shafa musu. Tagullar da ke ƙasa ta fito, ta yi kore. Daga nan caji ya riƙa kamawa yana saki, batir bai cika ba, da rana sauti ya yanke. Alamar ita ce fitilar caji tana ɗaukewa in ka ɗan motsa wayar. Maganinsa: a cire daga wuta, a jiƙa auduga da sifirit wanda aka rubuta isopropyl a jikinsa, a goge ƙarafan, a bi da buroshin haƙori mai laushi. Abin da ya daskare a ɗaga shi da tsinken sakace, ba allura ba, don ƙarfe yana kankare sauran zinaren. A duba filolin jikin wayar cajin ma, a danna kowanne a ga yana dawowa. Wanda ya maƙale, sabuwar wayar caji kawai za a saya. A bar komai ya bushe kafin a jona. Idan ƙarafan sun riga sun yi ramuka, gogewa ba za ta mayar da su ba.

Ba kowane yankewa ne laifin tsatsa ba. Jikin mutum yana tare siginar Bluetooth, don haka waya a aljihun baya kan sa sauti ya riƙa tsinkewa ko da batir cike yake. Mayar da ita aljihun gaba ka gwada.

Ni dai, ga mai aikin zufa a Jidda ko Makka, na fi son mai maganaɗisu da IP67, tare da wayar caji ta biyu, muddin zai goge shi da busasshen ƙyalle kullum kafin caji. Mai aiki a garejin walda kuwa ya ɗauki USB-C, domin maganaɗisu yana jawo garin ƙarfe ya liƙe a kan ƙarafan. Haka ma mai zaman ofis da yawan tafiya, OpenMove ya ishe shi, ga shi ya fi sauƙin kuɗi, ko da yake batirinsa awa 6 ne, na OpenRun kuwa 8.