Manhajar ɗaukar murya mai zaɓin saiti: abin da na gani a wajen karatu a Aboabo

Ni ne mai ɗaukar karatun Malam a zauren unguwarmu a Aboabo, nan Kumasi, in tura wa ɗaliban da kasuwa ta riƙe a Kejetia da waɗanda suka koma Nima ta Accra da zama. Manhajar da ta zo da wayata ba ta da wani zaɓi, ka danna ta ɗauka kawai. Shi ya sa na sauke wata ta kyauta mai barin mutum ya zaɓi `Sample rate` da `Bit depth` da irin fayil. Na daɗe ina aiki da ita, kuma ta biya ni, amma sai mutum ya san abin da lambobin nan suke yi, don ita ba ta yi maka bayanin komai.

Waya ba ta ɗaukar murya a miƙe kamar kaset. Auna ƙarfin sautin take yi sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, ta rubuta kowane awo da lamba. Yawan awon shi ne `Sample rate`: in ka ga `16 kHz`, awo 16,000 ke nan a daƙiƙa. `Bit depth` kuma yawan gurbin da aka ba kowane awo ne, wato bit, kuma bit 8 ne ke yin bait ɗaya. A fayil ɗin `WAV`, wanda ba a matse shi, girma lissafi ne tsantsa:

```
bait a daƙiƙa = sample rate × bit depth × tashoshi ÷ 8
```

Manhajar ta zo a kan saiti mafi girma, `48 kHz` da `24-bit` da `Stereo` mai tashoshi biyu, kuma wannan ne babban ƙorafina a kanta. Lissafa ka gani: 48,000 sau 24 sau 2, a raba da 8, bait 288,000 ne a daƙiƙa. Karatun awa ɗaya da rabi ya haura gigabait ɗaya da rabi. A tafsirin azumi na kwana 30 ana maganar gigabait 46 da ɗoriya. Wayar da mimorinta gigabait 32 ne ba za ta kai salla ba, balle a ce ɗalibi ya sauke fayil ɗaya da datar da ya saya da guminsa. Da na mayar da ita `16 kHz`, `16-bit`, `Mono` mai tasha ɗaya, bait 32,000 ne a daƙiƙa, karatun nan ya dawo megabait 173. Kashi ɗaya cikin tara ke nan.

To, me aka rasa? Ƙa'idar ita ce fayil ba ya riƙe sautin da siririntarsa ta wuce rabin yawan awon. `8 kHz` yana tsayawa a sauti mai kaɗawa 4,000 a daƙiƙa, `16 kHz` a 8,000, `44.1 kHz` irin na faifan CD ya wuce 20,000, iyakar jin kunnen yaro mai lafiya. Kaurin muryar mutum da wasulansa a ƙasa suke, shi ya sa ko a `8 kHz` za ka gane Malam ne ke magana. Amma haruffa masu huci, irin su s da sh da ts da f, ƙarfinsu yana sama, da yawansa ya haura 4,000. Na gwada `8 kHz` ranar da ake ƙira'a, na saurara da abin kunne, sai na ji muryar kamar ta tsohon kiran waya. Sinun da sa'un mai ɗigo uku sun kusa zama abu guda. Wani dattijo cikin ɗalibai da na kunna masa ya ce, "Ɗana, wannan ai ba za a gyara wa yaro baki da shi ba." Gaskiyarsa ce. Wanda ya san ayar zai cike giɓin da kansa, mai koyo kuwa ba shi da abin cikewa.

A `16 kHz` haruffan sun dawo, fassara da bayani sun fita tas. Don ƙira'a zalla nakan hau `32 kHz`, saboda hucin sinun ya fi fita a can. Daga nan zuwa `48 kHz` kunnena bai ji wani bambanci ba, ko da abin kunne mai kyau, balle a lasifikar waya inda yawancin mutanenmu suke sauraro.

Maganar bit ta fi sauƙi. Mutane suna ɗauka ƙarin bit yana ƙara wa murya zaƙi, alhali aikinsa shi ne faɗaɗa tazara tsakanin sauti mafi ƙarfi da shuuu ɗin da ke ƙasa. `8-bit` matakai 256 ne kacal, tazarar wajen desibel 48 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma kana jin tsaki-tsaki duk sanda Malam ya sassauta murya ko ya ja numfashi. `16-bit` matakai 65,536 ne, wajen desibel 96. Makirufon waya shi kansa bai kai wannan tazara ba, ga fanka tana juyawa a sama, ga hon ɗin motoci daga titi. Don haka `24-bit` ya ƙara wa fayil rabin girmansa a kan hayaniyar da dama tana nan. A situdiyo mai makirufo na gaske yana da amfani. A zaurenmu ban ga amfaninsa ba. Kuma ba ya maganin fashewar murya: in ka jingina waya da lasifikar masallaci, sautin ya fi ƙarfin makirufon, zai fito a tsage ko bit nawa ka sa. Mita mai motsi da manhajar ke nunawa ta taimaka a nan, in ta manne a ja sai in ja wayar baya.

Wani abu da ya kamata mai amfani da ita ya sani: lambar da ka zaɓa ba ta tilasta wa makirufo komai. Na ɗauki karatu da abin kunne na Bluetooth a `48 kHz`, fayil ya fito da girmansa cif, murya kuwa a toshe. Makirufon irin waɗannan na'urori yana aiko da sauti ne ta hanyar kiran waya, wadda a mafi yawansu `8 kHz` ce ko `16 kHz`. Manhajar ta zuba wannan ɗan sauti a babban mazubi, ba ta yi gargaɗi ba. Mai kwamfuta zai iya tabbatarwa: ya buɗe fayil a manhajar gyaran sauti ta Audacity, ya zaɓi `Spectrogram`, zai ga launi ya yanke ƙat a 4,000 ko 8,000, sama babu komai. Haka nan fayil ɗin da aka riga aka ɗauka a `8 kHz`, mayar da shi `44.1 kHz` daga baya ƙiba kawai zai yi.

Duk lissafin can na `WAV` ne. In ka zaɓi `M4A`, manhajar takan matse sautin, kuma lambar `Bitrate` ce ke yanke girma. A `64 kbps`, bait 8,000 ne a daƙiƙa, awa ɗaya da rabi megabait 43. Ga murya ɗaya a `Mono` wannan ya wadatar sosai, shi nake tura wa ɗalibai. Ina tura shi ta WhatsApp a matsayin `Document` don ya isa yadda yake. `AMR` ya fi kowa ƙanƙanta, awa guda ba ta kai megabait 6 ba, amma irinsa na asali a `8 kHz` yake, don haka matsalar haruffa tana nan.

Da masu manhajar za su nuna kiyasin girman awa ɗaya a gefen kowane zaɓi, da sun hutar da mutane da yawa. Tallan da ke faɗowa bayan an gama ɗauka yana da takura, amma bai taɓa yanke mini ɗauka ba, kuma tana ci gaba da aiki ko allo ya mutu. Ina ba da shawarar ta ga mai ɗaukar karatu ko wa'azi ko taron ƙungiya, da sharaɗin ya shiga saiti tun ranar farko: `Mono`, `16-bit`, `16 kHz` don bayani, `32 kHz` don ƙira'a, sannan ya nemi izini ya ajiye wayar kamar kamu biyu daga bakin mai magana.