Wane ruwa za ka saya wa shayinka: bohol, leda, filta ko injin tacewa?

Mutum zai sayi ganyen shayi mai tsada, ya dafa, ya ga shayin ya yi duhu, wani siririn yayi yana yawo a samansa yana mannewa a jikin kofi, ƙamshin kuma ya kwanta. Sai ya ce an sayar masa da jabu. Sau da yawa ganyen ba shi da laifi. Kusan duk abin da ke cikin kofin shayi ruwa ne, ganyen ɗan abin da ya saki kaɗan ne, don haka halin ruwan shi ne halin shayin. Kafin ka canza ganye ko ka kashe kuɗi a kan na'ura, ka fara sanin irin ruwan da ke gidanka.

Ruwan da ya ratsa farar ƙasa da duwatsu yakan ɗebo kalsiyam da magniziyam, tare da wani sinadari mai kashe tsami da ake kira bayikabonet. Shi ne ruwa mai nauyi, wanda sabulu ke wahalar yin kumfa a cikinsa, kuma yake barin farin ɓawo a gindin buta. A yankin da ke da farar ƙasa sosai, kamar wajejen Kalambaina a Sakkwato inda ake haƙarta don yin siminti, ba abin mamaki ba ne rijiya ta ba da irin wannan ruwa. Ana auna nauyin da miligiram a cikin lita: ƙasa da 60 ruwa ne mara nauyi, 60 zuwa 120 matsakaici, 120 zuwa 180 mai nauyi, abin da ya haura 180 kuwa ya yi nauyi ƙwarai.

Ɓarnar da yake wa shayi iri biyu ce. Kalsiyam da bayikabonet suna haɗuwa da sinadaran ganyen nan masu ba da bauri da launi, sai su zama yayin da kake gani a sama, wanda idan ka karkata kofin yake tsattsagewa. Sannan bayikabonet yana cinye ɗan tsamin da ke ba shayi kaifi a harshe, ya mayar da jan launinsa zuwa ƙasa-ƙasa mai duhu. Duk wadda ta taɓa jefa kanwa a zobo ta san wannan aiki: ja ya koma baƙi-baƙi, tsami ya mutu. Gahawa ma haka take yi, ta zama lami, ba ta da armashi. Gwajinsa mai sauƙi ne. Ka matsa lemon tsami a cikin shayin da ya yi duhu. Idan nan take ya washe ya yi ja, yayin ya ɓace, to matsalar daga ruwa take.

Akwai abin da ake rikitawa da nauyi. Idan shayi ya yi baƙi ƙirin kamar tawada, yana ɗanɗanon tsatsa, kuma bokitin da ruwan ya kwana a ciki yana yin ja a gindi, wannan ƙarfe ne a cikin ruwan bohol ko daga tsohon bututu. Zartsi kuma, wato ɗanɗanon gishiri-gishiri, shi ma daban ne. Ya kamata a bambance su, domin abin da ke maganin ɗaya ba lallai ya yi maganin ɗayan ba.

Abin da zan ce ka fara saya shi ne ma'auni, kafin kowace matata. Akwai ɗan alƙalamin nan mai batir da aka rubuta TDS a jikinsa, ana tsoma bakinsa a ruwa ya nuna lamba. Yana da arha, kuma yana gaya maka jimillar abin da ya narke a ruwan. Iyakarsa ita ce ba ya rabe kalsiyam da gishiri, kuma ko kaɗan ba ya ganin ƙwayoyin cuta, saboda haka ƙaramar lamba ba shaidar tsabta ba ce. Wanda ya fi shi gaskiya a kan nauyi shi ne ruwan gwajin da masu kiwon kifin ado ke amfani da shi, kwalba biyu, GH da KH. Ana ɗiga shi a ɗan ruwa ana ƙirgawa har launi ya juya. A yawancinsu ɗigo ɗaya na nufin kusan miligiram 18. GH yana nuna kalsiyam da magniziyam, KH yana nuna mai kashe tsamin. Ga mai shayi da gahawa, KH ne ya fi muhimmanci. Ma'aunin da ƙwararrun masu gahawa ke bi yana neman jimillar abin da ya narke wajen 150, da mai kashe tsami wajen 40, wato ɗigo biyu zuwa uku. Shayi, musamman kore, ya fi son ruwan da bai kai haka ma nauyi ba.

To, a ce ka gwada ka ga ruwanka yana da nauyi. Me za ka yi?

Tafasawa tana rage wani kaso. Idan ruwa ya tafasa na 'yan mintuna, kalsiyam da ke tare da bayikabonet yana fita ya kwanta, shi ne ɓawon butar. Ka bar shi ya huce, ka tsiyaye na sama. Amma nauyin da ya zo daga wasu gishirin ƙasa ba ya fita da wuta, kuma ana cin gas ko gawayi sau biyu. Alif da ake sa wa ruwan rafi yana kwantar da laka ne kawai, bai shafi nauyi ba.

Filta ce inda mutane suka fi asarar kuɗi, don haka a yi hankali a nan. Filtar gawayi, wadda ake ɗaura wa bakin famfo, aikinta cire warin kilorin da wasu warin. Idan ruwan gidan ruwa kake sha kuma kukanka shi ne shayi na warin magani, ita ce daidai da kai. Amma ba ta taɓa kalsiyam. Farar filtar zare da ta tangaran suna tare yashi da datti, su ma nauyi na wuce su. Wadda ke rage nauyi ita ce mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin roba a cikinta, irin ta jug ɗin tace ruwa, masu kama kalsiyam su riƙe. Tana aiki da kyau, sai dai tana cika, kuma a ruwa mai nauyi sosai tana cika tun kafin lokacin da aka rubuta a kwali. Alamar ita ce dawowar yayin a saman shayi. Kafin ka sayi jug ɗin, ka tambayi mai shago ko yana da cikin da ake canzawa, kuma nawa ne. Jug ɗin da ba a samun cikinsa a garinku tulu ne kawai mai tsada.

Babbar na'urar tausasa ruwa ta gida gaba ɗaya, wadda ake zuba wa gishiri, ba zan ba mai neman daɗin shayi shawarar saye ba. Tana musanya kalsiyam da sinadarin gishiri, tana kare bututu da hita daga ɓawo, amma ta bar bayikabonet yadda yake, sai gahawa ta ci gaba da fitowa lami. Injin RO kuwa, mai tura ruwa da ƙarfi ta wata siririyar matata, yana cire kusan komai, har da zartsi. Yana buƙatar ruwa mai ƙarfin gudu ko ɗan famfon lantarki, yana zubar da ruwa mai yawa yayin tacewa, kuma ƙarfe na toshe shi idan ba a fara cire shi ba. Ga gidan da ruwansa ya yi zartsi ko shagon da ke dafa tukwane da yawa a rana, ya cancanci kuɗinsa. Sai dai ruwan da aka wanke tas shi ma ba ya ba da shayi mafi daɗi: yakan fito siriri, da kaifi da bauri a fili, ba jiki.

Shi ya sa ga yawancin gidaje na fi yarda da gauraya. Ruwan leda da na gora ba iri ɗaya ba ne. Wasu kamfanoni da RO suke tacewa, wasu ruwan bohol ne aka tace datti aka ƙulle. Alƙalamin zai nuna maka wanne ne wanne. A ce bohol ɗinka ya nuna 300, ruwan ledar da ka samu ya nuna 30. Kofi ɗaya na bohol da kofi biyu na leda za su ba ka 120: 300 da 30 da 30 sun zama 360, a raba uku. Idan ka sa uku na leda, ka sauko kusa da 98. Ka dafa ganye ɗaya, awo ɗaya, minti ɗaya ba bambanci, a kofin gilashi uku: bohol zalla, leda zalla, da gaurayen. Ka ɗaga su ga haske. Na bohol zai yi duhu da gurɓi, na leda ya yi haske garau, na tsakiyar kuma shi ne yawanci baki ke zaɓa. Ruwan dafa shayi kaɗan ne a rana, ba sai ka tace na wanka da wanki ba.

Saura zafi, wanda gyaransa ba ya cin ko sisi. Ruwa mai zafi ƙwarai yana fizgo ɗaci da bauri da sauri. Baƙin shayi, irin na jaka da ake sha da madara, yana son ruwan da ya tafasa yanzu, digiri 95 zuwa 100, minti uku zuwa biyar. Idan ruwan ya huce sai ya fito salam. Gahawa tana son 90 zuwa 96. Koren shayi kuwa 70 zuwa 80 yake so, na minti biyu ko uku, in an wuce haka ɗaci ya rufe zaƙinsa. Shayin Buzaye da ake tafasa koren ganye a kan gawayi har ya yi kauri, a kashe ɗacin da sukari da na'ana'a, wani salo ne da aka nufa da gangan, wannan ƙa'ida ba ta hau kansa ba.

Butar lantarki mai maɓallin zaɓen zafi tana da amfani ga wanda koren shayi ne abin shansa kullum kuma yana da tsayayyar wuta. A ruwa mai nauyi ɓawo yana rufe ƙarfen gindinta, ta riƙa jinkirin tafasa, sai an riƙa jiƙa ta da ruwan lemon tsami ko khal ana ɗaurayewa. Ƙaramin ma'aunin zafi na girki ya fi ta arha nesa ba kusa ba, kuma yana aiki a kan risho da gawayi. Ko babu shi, lissafi ya isa: kofi uku na tafasasshen ruwa da kofi ɗaya na ruwan sha mai tsabta da ke ajiye a ɗaki, mai digiri 30, suna ba da kusan 82, biyu da ɗaya suna ba da kusan 77. Ruwan da za ka sirka da shi ya zama wanda ka amince ka sha ɗanye.

Mazauna tudu su lura cewa ruwa yana tafasa da ƙarancin zafi, kusan digiri ɗaya a kowace mita 300. A Jos yana tafasa a wajen 96, a tsaunin Mambilla inda ake noman shayi ma ya ɗan gaza haka. A can baƙin shayi ba ya jiran ruwa ya huce: a ɗauraye butar da ruwan zafi tukuna, a zuba yana kan tafasa, a rufe.