Sharhi kan farashin wani tela a Yamai: abin da ke cikin jika 19 da rabi

Shagon yana kusa da kasuwar Wadata, kekuna huɗu ne a ciki da yara uku. Abin da ya bambanta telan da yawancin telolin gari shi ne ba ya duban fuskar mai kaya ya yanka kuɗi. Yakan buɗe littafi ya rubuta kuɗin hannu daban, kayan haɗi daban, wahalar salo daban, sannan kuɗin gaggawa in akwai. Ɗinkin da na auna shi da shi riga da siket ne na leshi mai duwatsu, na biki, wanda ake so cikin kwana uku.

Da yadin ya fara. Riga da siket na atamfa marasa kwalliya jika 4 yake karɓa, amma da ya shafa leshin sai ya ce jika 7. Wannan ƙarin yana da hujja. Kafin keke ya bi ta kan leshi mai duwatsu, sai an bi layin ɗinkin an cire duwatsun da ke kansa ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba allura ta karye ko ɗinki ya karkace. Ga shi leshi shara-shara ne, dole a sa masa shafi, wato rigar sau biyu ake yanka ta, sau biyu ake haɗa ta. Shadda ma yakan ɗora mata kuɗi, musamman gezna, don in aka yi kuskure aka warware, ramin allura ba ya ɓacewa daga jikinta, kuma tela ne zai biya asarar. Shafi mita uku da zif da zare ya sa su jika 3, ya ce mai son sayowa da kanta ta sayo.

Salon da aka zaɓa siket ne mai yanka shida da riga mai kama jiki, ya ƙara jika 4. Ba kyan hoton da aka nuna masa a waya ya duba ba, yankan ya ƙirga. Kowane yanki sai an daidaita furen leshin da na kusa da shi, kuma bakin leshin mai ado sai ya faɗo daidai a ƙasan siket ta ko'ina. Nan ne aikin arha ke tona kansa: fure ya rabu biyu a kan ɗinki, ko gaban siket ya fi bayansa tsawo. A wannan ɗinkin furen ya haɗu tsaf, sai a gefen hagu kusa da zif inda ya ɗan goce.

Gwaji ɗaya yana cikin kuɗin. Ana yin sa ne bayan an haɗa rigar da ɗinki mai faɗi, ba a sa zif ba, ba a kashe baki ba, don a iya ragewa ko a saki. In ya zama sai an sake gwaji saboda awon da ya ɗauka bai yi daidai ba, kyauta ne. In mai kaya ce ta sauya ra'ayi, ta ce a buɗe wuya ko a sauya hannu, jika 1 ne kowane zuwa. Wannan rabon ya yi mini daidai.

Inda nake da ja shi ne gaggawa. Ka'idarsa mako biyu ne. Wadda ke son kayanta ƙasa da kwana huɗu za ta ƙara rabin kuɗin aiki, ban da kayan haɗi. Aikin nan jika 11 ne, rabinsa jika 5 da rabi, jimla ta tashi daga jika 14 zuwa 19 da rabi, a biya rabi kafin almakashi ya taɓa yadi. Kuɗin gaggawar bai yi yawa ba, don yaro ne zai kwana a kan keke, in wuta ta ɗauke kuma a tada inji a sayi mai, ga wasu masu kaya da za a ba haƙuri. Matsalar ita ce kwana uku ba sa barin wurin gwaji na gaskiya. An yi gwajin ne ranar karɓa, an riga an sa zif an kashe baki. Rigar ta ɗan tattare a ƙarƙashin hammata, alamar ramin hannu ya matse, kuma gyaransa sai an cire hannun gaba ɗaya. Da aka nuna masa ya ce, "Hajiya, a sa ta haka yau, bayan biki a kawo in gyara, ba ko dala." Ya kuwa gyara. Amma da tun farko ya faɗa cewa gaggawa za ta ci gwajin, da an zaɓi salo mai saki.

Don haka kuɗin gaggawarsa ya dace da bubu ko kaftani, waɗanda awon tsawo da kafaɗa ya ishe su. Mai son ɗinki mai kama jiki ta kai yadinta da wuri, musamman gab da ƙaramar salla, don daga tsakiyar azumi yakan daina karɓar sabon aiki ko nawa za a biya.